Gwaje-gwaje 1,200 a hannun mutum uku: wanne za a fara miƙa wa na'ura?

Ƙaramar tawagar da ta gaji manhajar da aka daɗe ana aiki da ita takan gaji wani dogon jadawali tare da ita, a Excel ko a TestRail ko makamancinsu, cike da gwaje-gwajen bita, wato matakan da mutum zai bi da hannu kafin a saki sabon zubi domin a tabbatar da cewa sabon gyara bai rushe abin da ke aiki tun da ba. Umarnin da ke biyo baya daga shugabanni kusan ɗaya ne a ko'ina: a mayar da su duka na atomatik. Kafin a ce to ko a'a, ya kamata a zauna a yi lissafi, domin lissafin ne ke nuna cewa ainihin aikin da ke gaban tawagar zaɓe ne, kuma zaɓe mai tsauri.

A ɗauka tawagar mutum uku ce, masu gwaji biyu da injiniya ɗaya, kuma manhajar ta sayar da kaya ta intanet ce da ake sakin sabon zubinta duk mako biyu. Jadawalin yana ɗauke da gwaje-gwaje 1,200. Idan aka ƙiyasta cewa rubuta kowanne domin na'ura ta riƙa gudanar da shi zai ci awa 3, za a buƙaci awa 3,600. Tawagar kuwa ba za ta iya ajiye aikinta na kullum ba, don haka a ce awa 20 take iya warewa a mako. Wannan na nufin mako 180, kusan shekara uku da rabi, kuma kafin a kai rabin hanya manhajar ta sauya kamanni har gwaje-gwajen farko sun daina dacewa da ita. Abin da ke hannun tawagar a zahiri shi ne wata ukun farko, awa 260. Daga ciki wajen awa 100 za su tafi a aza harsashi: zaɓen kayan aiki irin su Playwright ko Selenium ko Cypress, tanadar sabar gwaji, samar da bayanan da za a riƙa gwaji da su, da haɗa komai da tsarin da ke gina manhajar duk lokacin da aka shigar da sabon kod. Saura awa 160, waɗanda ba su wuce gwaji hamsin da 'yan kai ba idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a fara daga saman jadawalin a gangaro, ko kuma a tsinci masu sauƙi domin adadi ya yi saurin hawa a rahoton mako. Duka biyun suna ɗaukar jadawalin tamkar kowane layi a cikinsa darajarsa ɗaya da ta ɗan'uwansa, alhali jadawalin tarihi ne da mutane daban-daban suka tara cikin shekaru, kowa yana ƙarawa, ba mai gogewa. Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar rubuta kod ko layi ɗaya. A duba tarihin gudanarwa a ga waɗanne gwaje-gwaje ake yi da gaske, in kuma babu tarihi a rubuce, a tambayi masu gwajin abin da suke yi a ranakun da ke gab da sakin zubi. A misalinmu, gwaji 1,200 a kan minti 8 kowanne ya kama awa 160, wato duk lokacin aikin mutum biyu na mako biyu, kuma babu tawagar da ke yin haka. Abin da za a tarar shi ne masu gwajin sun daɗe da yin nasu zaɓen a zuci, suna gudanar da wajen 300, awa 40 ke nan, sauran kuma suna kwance. A cikin na kwancen akwai na sassan da aka cire daga manhajar, akwai waɗanda aka rubuta sau biyu ko uku da kalmomi daban, akwai kuma waɗanda babu wanda ya san dalilinsu yanzu. Miƙa wa na'ura gwajin da ba wanda ke yin sa ba ya rage wa kowa minti ɗaya. Sai dai a yi hattara da kashi ɗaya a cikinsu, wato gwajin da aka daina yi don wahalarsa, kamar wanda ke buƙatar a shirya asusu goma masu yanayi daban kafin a fara. Irin wannan yana iya zama mai tsananin amfani, kuma wahalar da ta kori mutum ba ta damun na'ura.

Bayan an ware 300 ɗin, sai a auna su da ma'auni biyu, kuma ma'aunan ba kullum suke yarda da juna ba. Na farko shi ne lokaci, kuma lissafinsa gajere ne:

```
n = G / (H - K)
```

A nan G shi ne awannin da za a kashe wajen rubuta gwajin, H shi ne lokacin da yake ci da hannu a kowane zagaye, K shi ne lokacin gyara shi da binciken faɗuwarsa a kowane zagaye, n kuma shi ne yawan zagayen da za a yi kafin wahalar ta biya kanta. K shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan ayyuka, domin gwajin atomatik kod ne, kuma kod yana buƙatar kulawa muddin yana raye.

A gwada lissafin a kan abubuwa huɗu daga jadawalin misalinmu. Na ɗaya rukuni ne na gwaje-gwaje 60 a kan rangwame: lambar rangwame mai aiki, wadda wa'adinta ya ƙare, biyu a haɗe, kwandon da bai kai ƙaramin adadin da aka gindaya ba, da sauransu. Kowanne yana cin minti 6, jimla awa 6 a kowane zubi. Idan aka rubuta su cikin awa 16, kuma kulawarsu rabin awa ce, za su biya kansu a zubi na uku, wato cikin mako shida. Na biyu rahoton kaya ne da ake gwadawa sau biyu a shekara, mai cin minti 45, wanda rubuta shi zai ci awa 20, kulawarsa kuma minti 15. Wannan sai an yi zagaye 40, shekara 20 ke nan, don haka a bar shi a hannun mutum ba tare da wani nauyin zuciya ba. Na uku shafin saitunan asusu ne da ake cikin sake masa fasali, wanda gwajinsa da hannu awa ɗaya ne, amma tun da maɓallansa da filayensa suna ƙaura kowane mako, gyaran gwajin zai ci awa ɗaya da rabi a kowane zubi. A nan K ya fi H, kuma babu adadin zagayen da zai fitar da riba.

Na huɗun shi ne ya fi koyarwa. Hanyar saye ce daga farko zuwa ƙarshe: shiga da kalmar sirri, neman kaya, sa shi a kwando, kammala oda. Da hannu minti 15 ne kacal. Rubuta shi ta burauza zai iya cin awa 12, kulawarsa minti 6, don haka lissafin ya ce sai zubi 80, fiye da shekara uku. In da lokaci ne kaɗai ma'auni, da wannan gwaji ya faɗi warwas. Amma a ganina shi ne ya cancanci zama na farko, gaba da rukunin rangwamen ma, kuma dalilin yana cikin ma'auni na biyu, wato haɗari. Idan hanyar saye ta karye, kasuwancin ya tsaya cik, kuma kusan duk wani gyara a manhajar yana iya taɓa ta. Ban da haka, lissafin ya ɗauka cewa sau ɗaya za a gudanar da gwajin a kowane zubi, kamar yadda mutum ke yi, alhali na'ura za ta gudanar da shi a kan kowane kod da aka shigar, sau da yawa a rana. Injiniyan da ya karya kwando da safe zai sani kafin ya tashi daga kujerarsa, lokacin da abin da ya taɓa yana sabo a kansa, maimakon a gano bayan kwana goma a shiga laluben wanne ne cikin gyare-gyare arba'in ya jawo. Akwai kuma riba ta uku da ba ta fitowa a lissafi: rubuta wannan gwaji yana tilasta wa tawagar warware matsalar shiga asusu, da samar da kayan gwaji, da share bayanai bayan an gama, kuma duk gwajin da zai biyo baya a kan wannan aiki zai tsaya. Irin waɗannan hanyoyi ba su da yawa. Biyar ko shida sun isa, kuma da zarar an wuce goma to an fara shigar da abin da ba jijiyar manhajar ba ne.

Haɗari kansa gida biyu ne: girman ɓarnar da za a yi idan abu ya lalace, da kuma yiwuwar ya lalace. Girman ɓarna masu kula da kasuwancin da masu amsa koken abokan ciniki suka fi saninsa, kuma zama ɗaya da su ya fi mako guda na hasashe. Yiwuwar lalacewa kuwa tana da shaidu biyu da ke hannun tawagar tun ranar farko. Shaida ta farko ita ce ma'ajiyar rahoton matsaloli, Jira ko wata: a ɗauko matsalolin da suka kai ga masu amfani cikin shekarar da ta wuce a ga a wane sashe suka taru, musamman waɗanda aka gyara suka sake dawowa. Ta biyu ita ce tarihin kod ɗin, domin abin da ba a taɓawa ba kasafai yake karyewa ba. Wannan umarni yana fitar da fayiloli ashirin da aka fi sauyawa cikin wata shida:

```
git log --since="6 months ago" --name-only --pretty=format: | grep -v '^$' | sort | uniq -c | sort -rn | head -20
```

Idan fayil ɗin lissafin rangwame ya fito a saman wannan jeri, kuma ya fito a jerin matsalolin da suka dawo, to an sami wurin da ma'aunan biyu suka haɗu. Amma wannan yana iya rikitar da mai karatu, tun da an ce a guji shafin saituna saboda yana sauyawa, yanzu kuma ana cewa a nufi rangwame saboda yana sauyawa. Bambancin yana ga abin da ke sauyawar. A rangwame, kod ɗin ciki ne ake yawan taɓawa, amma ƙofar da gwaji ke shiga ta cikinta da amsar da ake sa rai suna nan daram, don haka gwajin zai tsaya a wurinsa ya kama duk abin da ya goce. A shafin saituna kuwa ƙofar ce kanta ke ƙaura, kuma gwajin zai riƙa faɗuwa ba don manhajar ta lalace ba. Abin nema shi ne wurin da ciki ke motsi, fuska kuma tana zaune.

Wannan ya kai mu ga shawarar da ta fi kowace tasiri a kan awa 160 ɗin, wato ta wace ƙofa za a yi gwajin. Gwajin hannu duka ta allo ake yin sa, domin ita ce kaɗai ƙofar da mutum yake da ita, kuma saboda haka tawaga takan ɗauka cewa dole na'ura ma ta bi allo, ta danna abin da mutum ya danna. Da an bi wannan hanya a rukunin rangwame, gwaji 60 a kan awa 3 zai ci awa 180, fiye da duk abin da tawagar take da shi. Amma idan aka karanta su da kyau za a ga cewa matakai bakwai ko takwas na farko iri ɗaya ne a dukkansu, kuma abin da ya bambanta su bai wuce lambobin da aka shigar da amsar da ake jira ba. Tambayar da suke yi ta lissafi ce, kuma ana iya aika ta kai tsaye ga API, wato ƙofar da kod ke magana da manhajar ta cikinta, ba tare da an buɗe burauza ba. Da pytest, misali, gwaji ɗaya ne da jadawali a kansa:

```python
import pytest

# api: fixture ce da sai tawagar ta tanada, mai aika tambaya ga API
@pytest.mark.parametrize("jimla, lamba, amsa", [
    (100, "RAGI10", 90),
    (100, "TSOHUWA", 100),
    (0, "RAGI10", 0),
])
def test_rangwame(api, jimla, lamba, amsa):
    assert api.lissafa(jimla, lamba) == amsa
```

Ƙara yanayi na 61 layi ɗaya ne, kuma duka suna gudana cikin daƙiƙu. Ta burauza sai a bar gwaji ɗaya tak, wanda zai tabbatar da cewa filin shigar da lamba yana aiki kuma sabuwar jimla tana bayyana. Wannan shi ne tunanin da ke bayan dalar gwaji da Mike Cohn ya yaɗa a 2009, inda ƙananan gwaje-gwaje masu sauri suke da yawa a ƙasa, na allo kuma 'yan kaɗan a sama. Duk jadawalin da aka gada yana da irin waɗannan rukunoni: wa ke da izinin ganin me, wane irin rubutu fili zai karɓa ko ya ƙi, yadda ake lissafin haraji ko kuɗin aikawa. Neman su shi ne yadda awannin da da kyar za su isa gwaji hamsin suke iya rufe layuka ɗari biyu ko fiye na jadawalin.

Akwai abin da ke hana wasu gwaje-gwaje shiga sahun farko komai muhimmancinsu, kuma shi ne rashin amsa tsayayya. A tsofaffin jadawalai ana yawan cin karo da layi irin wannan a gurbin sakamako: "A tabbatar shafin ya fito daidai." Mai gwajin da ya shekara biyar yana kallon shafin ya san abin da ake nufi, kuma idonsa yana duba abubuwa da yawa da ba a rubuta ba, kamar rubutun da ya hau kan hoto ko maɓallin da ya ɓuya a ƙaramin allo. Na'ura ba ta duba komai sai abin da aka ambata mata. Idan ba za a iya rubuta sakamakon a matsayin lamba, ko takamaiman rubutu, ko wani yanayi a rumbun bayanai ba, to ko dai a fara zama da mai gwajin a fitar da abin da yake dubawa, ko a bar masa gwajin.

Biyan kuɗi misali ne na abin da haɗarinsa ke sama amma ƙofarsa ke da wuya, domin ya ratsa ta wani kamfani na waje, wani lokaci har da lambar sirri da ake turowa ta waya. Ba a watsar da shi, kuma ba a ƙoƙarin haɗiye shi gaba ɗaya. Ana raba shi. Kamfanonin karɓar kuɗi suna da muhallin gwaji, Stripe alal misali yana ba da katin gwaji mai lamba 4242 4242 4242 4242 da wasu katunan da ke kwaikwayon ƙin biya, kuma da su za a gwada abin da ke hannun tawagar: shin oda tana komawa matsayin wadda aka biya, shin kwando yana nan idan an ƙi kati, shin sanarwar biya da ta iso sau biyu tana haifar da oda biyu. Biya na gaske da kati na gaske ya ci gaba da zama aikin mutum kafin kowane zubi.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne gwaji mai tangal-tangal, wanda ke wucewa yau ya faɗi gobe ba tare da an taɓa komai ba. Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga gare shi ba: a 2016 John Micco na Google ya rubuta cewa kusan kashi 1.5 cikin ɗari na gudanar da gwaje-gwajensu suna ba da irin wannan sakamako, kuma kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajen suna da wani abu na wannan hali. Lissafin yana da ban tsoro ga ƙaramar tawaga. Idan akwai gwaji 200 kuma kowanne yana faɗuwar ƙarya sau ɗaya cikin 200, yiwuwar su wuce duka a zagaye ɗaya kashi 37 ne kawai cikin ɗari, wato kusan zagaye biyu cikin uku za su nuna ja alhali manhajar lafiyarta ƙalau. Daga nan mutane kan koyi sake dannawa har ya yi kore, kuma ranar da ja na gaske ya zo, shi ma sake dannawa za a yi. Sanadin yawanci sananne ne: jira na ƙayyadaddun daƙiƙu maimakon jiran abu ya bayyana, gwaje-gwajen da ke amfani da asusu ɗaya suna ɓata wa juna bayanai, dogaro da kwanan wata na yau, ko neman maɓalli ta matsayinsa a shafi maimakon wata alama tsayayya kamar `data-testid`. Saboda haka, tsakanin gwaji biyu masu daraja ɗaya, wanda zai iya ƙirƙirar bayanansa da kansa ya share su bayan ya gama shi ne ke gaba.

Tsarin wata ukun ya fito ke nan: hanyoyi biyar ko shida na jijiyar manhajar ta burauza, sai rukunin rangwame da 'yan'uwansa ta API, sai ɓangaren biyan kuɗi da ke hannun tawagar, sai gwaji ɗaya ga kowace matsala da ta taɓa dawowa bayan gyara. Kowane gwaji da aka rubuta, a karya kod ɗin da gangan sau ɗaya a ga ya faɗi, domin gwajin da bai taɓa yin ja ba yana iya kasancewa ba ya duba komai. Kada kuma a cire takwaransa na hannu sai ya yi zubi biyu ko uku yana gudana ba tangarɗa, amma bayan haka a cire shi da gaske, in ba haka ba an ƙara aiki ne kawai.

Yadda za a gane ko zaɓen ya yi daidai ba ya cikin adadin gwaje-gwajen da aka rubuta, kuma kason jadawalin da aka rufe ma yana yaudara, tun da ana iya ɗaga shi da gwaje-gwajen da ba su da amfani. A kalli awa 40 ɗin nan da masu gwajin ke kashewa da hannu a kowane zubi: rukunin rangwame shi kaɗai ya kamata ya mayar da su 34, kuma idan bayan wata uku suna nan yadda suke, to an miƙa wa na'ura abin da ba a yi ne, ko kuma masu gwajin ba su yarda da ita ba suna maimaita aikin a ɓoye. A kuma riƙa rubuta dalilin kowane ja: matsala ta gaske, sauyin da aka yi da niyya, ko faɗuwar ƙarya. Gwajin da ya yi faɗuwar ƙarya sau biyu a fitar da shi daga sahu nan take, a gyara shi cikin makon ko a goge shi. Idan kuma gyaran tsofaffin gwaje-gwaje ya fara cinye fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na awa 20 na mako, alama ce cewa an hau allo da yawa, kuma ya kamata a dakatar da ƙari a duba waɗanda za su iya sauka zuwa API. Shafin saitunan da aka jingine kuwa ya dawo kan tebur bayan sabon fasalinsa ya yi zubi biyu ko uku ba a taɓa shi ba, a sake yi masa lissafin da sabon K.